Daga Sa Rana Zuwa Kai Lefe: Yadda Ango da Amarya Za Su Tsaya Baki Ɗaya

Saura wata uku bikin ƙanena, wata rana bayan isha'i ya shigo gidana a Unguwar Rogo, ko gaisuwar kirki bai yi ba ya miƙo mini waya. "Yaya, saurari wannan." Saƙon murya ne na gwaggon yarinyar da zai aura, tana faɗa wa yarinyar cewa a gidansu ba a karɓar lefe ƙasa da akwati goma sha biyu, kuma in yaron ba shi da hali ya faɗa tun da sauran rana. Ba shi aka yi wa saƙon ba. Yarinyar ce ta tura masa, a ganinta don ya san matsin da take ciki. Shi kuwa abu ɗaya ya shiga kunnensa, wato ba shi da hali.

A makon dai Hajiyarmu ta ce ɗanta ba zai kai amarya gida mai ɗaki biyu ba, sai mai uku, kuma a gaya wa surukai su cika shi da kaya. Ƙanena ya ɗauki maganar yadda take ya kai wa yarinyar. Ta yi kuka, domin mahaifinta ɗan fansho ne. Ni ma na ƙara gishiri, don da safe na je na kunna wa Hajiya muryar gwaggon nan, abin da har yau nake nadama. Kwana huɗu yaran nan ba su yi magana da juna ba, alhali babu wanda ya yi wa wani laifi a cikinsu.

An yi bikin, suna zaune lafiya. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da muka bi daga wannan daren har ranar kai lefe, domin a wannan tsakanin ne aka fi samun saɓani. Magana ce ta auren budurwa a gidajen Hausawa Musulmi na Jos, inda lefe yake kan ango, kayan ɗaki da gara suke kan iyayen amarya.

Mataki na farko: ku biyu ku san kuɗin kafin kowa ya faɗi buƙatarsa

Saurayi yana jin nauyin faɗa wa budurwa abin da ke asusunsa, don kada ta raina shi. Ita kuma tana jin nauyin faɗin halin gidansu, don kada a ce 'yar talakawa ce. Sai kowa ya riƙa hasashe, kuma hasashen kullum sama yake yi. Yarinyar nan ta ɗauka ƙanena yana da ninkin abin da yake da shi, saboda tana ganinsa da mota, ba ta san motar wurin aiki ba ce.

Na sa shi ya je zance gidansu ranar Asabar da la'asar, da littafi da biro, suka zauna a falo ƙanwarta tana gefe. Ya rubuta abin da ya tara gaba ɗaya, har da zubin adashen da zai kwasa kafin biki: naira miliyan 4. Suka raba shi tare. Haya ta shekara da ladan dillali da fenti, 900,000. Lefe, 1,500,000. Sadaki, 200,000. Ɗaurin aure da walima, 500,000. Kayan abinci da cefanen wata ukun farko, 400,000. Ragowar 500,000 suka ajiye ta gefe ba a sa mata suna ba.

Kada ku ɗauki waɗannan alƙaluman a matsayin ma'auni, nasu ne, kuma kasuwa ba ta tsaya inda suka bar ta ba. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, naira kuma ta faɗi, farashin leshi da shadda da akwati yana iya sauyawa tsakanin sa rana da biki. Abin ɗauka shi ne tsarin. Gida da abincin bayan biki ake fara cirewa, lefe ya biyo baya, kuma a bar wani kaso da ba a gaya wa kowa. Wannan kason ba na ɓoye wa juna ba ne, su biyu sun san da shi. Dangi ne ba za su ji labarinsa ba, don duk kuɗin da aka ji labarinsa sai an samo masa aiki.

A zaman nan ita ma ta faɗi nata. Babanta ya yi tanadin gado da katifa da sif, kujeru saiti ɗaya, da kayan kicin. In aka ƙara ɗaki, bashi zai ci. Ƙanena ya ce mini sai a lokacin ya gane cewa maganar Hajiya ta ɗaki uku aljihun tsohon nan ta nufa.

Sannan suka jera abin da gidajen biyu suke nema a wani shafi. Lefe irin na jerin da aka aiko zai kai miliyan 3, ƙarin miliyan 1 da rabi ke nan. Dina a ɗakin taro, wadda ƙawayen uwar amarya suka ce ba fashi, 1,200,000. Gida mai ɗaki uku, ƙarin 500,000. Wunin da Hajiya take so ta yi ita kaɗai da mutanenta, 400,000. Jimillar ƙarin ta kama miliyan 3 da 600,000, a kan mutumin da ke da miliyan 4. Daga nan suka daina tambayar wa ya fi son wa, suka koma tambayar yadda za a yi da wannan giɓin.

Mataki na biyu: a tantance buƙatun, a kuma gano mai su

Ba duk abin da aka ce dole ne yake dole ba, amma kuma ba duka ne za a yi wa kallon bidi'a a watsar ba. Samari masu ɗan karatu suna yawan faɗawa wannan ramin, su tashi da wa'azi a gaban iyaye cewa lefe ba addini ba ne. Gaskiya ne, sai dai uwar da za ta tara mata a tsakar gidanta a buɗe akwati ba fatawa take nema ba.

Kashi uku muka yi. Akwai abin da shari'a ta ɗora: waliyyi, shaidu, siga, da sadaki, wanda mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, zinare da ya ɗan haura giram ɗaya, kuma haƙƙin amarya ne ita kaɗai. Sai wurin zama da ci da sutura a kan miji gwargwadon ƙarfinsa. Walima sunna ce, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi ta ko da da akuya ɗaya. Wannan kashi ba a ciniki a kansa, kuma shi ne mafi araha.

Kashi na biyu shi ne al'adar da in aka bar ta iyaye za su ji kunya a unguwa: a kai lefe ko yaya yake, a sa kayan uwa da uba a ciki, a ba da tukuici ga waɗanda suka kawo, a yi jere, a kai gara. Wannan ana rage girmansa, ba a kashe shi. Na uku shi ne gasa: akwati kaza saboda na gidan wane kaza ne, anko kala uku, dina, mai hoto biyu. A nan kuɗi yake tafiya, a nan kuma ake samun wurin yanka.

Abin da ya fi tantancewar amfani shi ne gano wanda ya ce. "Gidanmu sun ce" ba mutum ba ne. Ranar sa rana, baffan yarinyar ya faɗa wa mazanmu a zaure cewa a kawo abin da Allah ya hore, kuma da gaske yake. Haka abin yake a gidaje da yawa, maza su yi sassauci a zaure, jerin kaya ya fito daga cikin gida ba su ma sani ba. Da yarinyar ta bi diddigi a hankali, sai ta tarar akwati goma sha biyun maganar gwaggo ce, uwarta kuma ta yi shiru ne saboda 'yar kishiyarta an kawo mata goma shekara biyu da suka wuce. Ashe ba kayan ne damuwar uwar ba, ranar da za a buɗe su a gaban kishiya ce.

Mu ma a namu gidan na bincika. Hajiya tana son ɗaki na uku ne don in 'yan'uwanta sun zo daga Bauci su sami masauki a gidan ɗanta. Wunin kuma, ta yi shekara ashirin tana zuwa bikin 'ya'yan mutane tana kai gudummawa, tana so ranar nata ta zo su ma su zo mata. Wannan ba son zuciya ba ne, biki ai bashi ne. Duk wanda bai gane abin da ke ƙarƙashin buƙata ba, zai yi ta ciniki a kan lamba, ba kuwa za a daidaita ba.

Mataki na uku: kowa ya tare gidansu

Wannan shi ne ƙashin bayan lamarin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ango ba ya ce wa uwar amarya a'a. Amarya ba ta ce wa uwar ango a'a, ko a waya, ko ta bakin wani. Akwai kunya tsakanin suruki da suruka, kuma kalmar da aka faɗa a wannan lokacin ba ta mutuwa. Bayan shekara goma za ka ji ana cewa ai tun kafin a kawo ta ta nuna hali. Uwa kuwa in ɗanta ya ɓata mata rai, fushin kwana biyu ne.

Saboda haka duk buƙatar da ta fito daga gidanku, kai za ka amsa ta, kuma da bakinka, a matsayin ra'ayinka. Kada ka ce "ita ce ba ta so" ko "sun ce ba za su iya ba". Da ka faɗi haka ka sayar da ita, kai ka fita fes.

Ƙanena ya sami Hajiya bayan asuba, lokacin da babu kowa a ɗakin, ya zauna a ƙasa. Ya ce: "Hajiya, na yi lissafi, in na kama mai ɗaki uku bana, baɗi ba zan iya sabunta haya ba, sai dai in dawo muku da matar nan gida. Ku yi mini haƙuri in fara da biyu. Su Inna in sun zo daga Bauci, ɗaki na biyun nasu ne, ni zan sa katifa." Bai ambaci surukai ba ko sau ɗaya. Hajiya ta yi faɗa, ta ce yaran zamani ba a gaya musu magana. Bai mayar ba. Bayan kwana biyu ita da kanta ta tambaye shi ko dillalin ya samo wani abu a Rikkos.

Yarinyar ma ta sami mamanta da dare. Ta ce: "Mama, ni ce zan zauna a gidan nan. In ya ci bashi ya cika akwati, ni zan ci tuwon bashin. Ku taimake ni, ku ne kaɗai za ku iya yi wa Gwaggo magana." Ku lura da abin da ta yi. Ba ta sa uwar a sahun masu matsa mata ba, ta jawo ta gefenta, ta ba ta aiki. Kuma ba ta ce "ya ce ba shi da shi" ba, domin wannan jimlar ita ce za ta zaga dangi kafin gari ya waye.

Wani abu kuma: kada a amsa buƙata nan take, ko da e, ko da a'a. In an tare ka a tsakar gida an ce za a ƙara anko, amsar ita ce "To, bari in duba in dawo muku." Wannan ɗan jinkirin shi ke ba ku damar yin magana ku biyu kafin alkawari ya fita. Rabin rigimar masu shirin aure daga nan take, ɗaya ya amsa abu saboda kunya, ɗayan ya ji labari a bakin wasu.

Mataki na huɗu: abin da za ku gaya wa juna, da abin da za ku haɗiye

Ba na cewa a yi ɓoye-ɓoye. Duk abin da ya shafi kuɗi, ko rana, ko yawan mutane, dole ɗaya ya gaya wa ɗaya a ranar da ya ji. Abin da ake haɗiyewa shi ne lafazin. "Gwaggo tana son a ƙara akwati, ina kan maganar da Mama" labari ne. Tura muryar gwaggon kuwa kai ƙara ne, kuma wanda aka kai wa ba shi da inda zai kai tasa. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka naɗa a waya, ana iya sake kunna ta duk lokacin da rai ya ɓaci.

Suka yi wa kansu doka uku, ni ma suka sa ni a ciki, da gaskiyarsu. Ba a tura saƙon murya ko hoton rubutun wani ɗan gida zuwa ɗaya gidan. Ba a maganar biki a WhatsApp bayan goman dare, lokacin da kowa ya gaji kuma kowace kalma tana da ƙaya. Sannan ana zaman lissafi sau ɗaya a mako, ranar Asabar, da littafin nan, a rubuta abin da aka saya da abin da ya saura da sabon abin da aka nema. Sauran kwanakin, in ya kira ta, hirar duniya za su yi. Dokar nan ta ƙarshe kamar wasa, amma na ga masu shirin aure da suka yi wata biyu ba su yi wata magana ba sai ta atamfa da kafinta, har suka manta dalilin da ya sa ake sayen atamfar.

Mataki na biyar: manzo, da cinikin abu biyu-biyu

Bayan kowa ya tausasa gidansu, sai a sami wanda zai kai magana tsakanin gidajen. Ba ango ba, ba amarya ba, kuma ba abokin ango ko ƙawar amarya ba, don ba su da nauyin da za a saurare su. Ana neman babba wanda gidan can suke jin kunyarsa, mai riƙe baki, wanda ba shi da wani abu da yake nema a bikin. Mu mun ɗauki wata innarmu, ƙanwar Hajiya, wadda ta yi makarantar Islamiyya ɗaya da uwar yarinyar. Maganar lefe da jere ta mata ce, mace ya kamata ta fara kai ta. In aka tsallake mata aka tafi wajen waliyyi kai tsaye, zai tsawata, za a yi shiru, amma uwar amarya za ta ji an kai ƙararta wajen maza, kuma ango ne zai biya wannan a gaba. Waliyyi na ranar da komai ya cije ne.

Abin da Inna ta tafi da shi shi ne abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: buƙatun gidajen biyu a ɗaure suke da juna. In lefe ya yi yawa, tukuicin da gidan amarya za su bayar ya ƙaru, gara ma dole ta yi nauyi don kada a ce sun karɓi da yawa sun mayar da kaɗan. In gida ya yi girma, kayan ɗaki sun ƙaru, labule da kafet da kujeru. Wato duk gidan da ya matsa wa ɗaya, kansa yake ƙara wa kaya. Don haka ba a zuwa roƙon ragi hannu rabbana. Ana zuwa da abin da aka riga aka sauke.

Inna ta ce wa uwar yarinyar: "Hajiya, mun hana yaron nan kama babban gida, mun ce ɗaki biyu ya ishe su, kada a ɗora wa Alhaji nauyi. Maganar gara ma, Yaya ta ce in gaya muku kada ku wahalar da kanku, abin da ya sauƙaƙa. Lefe kuma saiti ɗaya za mu kawo, akwati shida da kit, amma za ki ga abin da ke ciki." Sauƙi biyu ta fara ajiyewa kafin ta nemi ɗaya. Ta kuma faɗi adadin a sarari tun kafin ranar, wanda shi ne muhimmi. Lefen da ya gaza abin da ake tsammani, in aka fara ganinsa a gaban jama'a, shi ke jawo a mayar da kaya ko a yi habaici. In an san da shi tun sati uku, uwar amarya ta riga ta shirya abin da za ta faɗa wa mutanenta.

Ba duka muka samu ba. Sun sauka daga goma sha biyu, sun bar dina, amma uwar ta tsaya a kan zinare, ko ɗan kunne ne. Yaran suka zauna ranar Asabar suka yarda, aka ciro 250,000 daga kuɗin gefe. Na so in hana, ƙanena ya ce, "Yaya, matar nan ta sauke mana akwati shida, a bar ta ta riƙe abu ɗaya." Ya fi ni gaskiya. Wunin Hajiya kuma aka haɗe shi da walima, rana ɗaya, girki ɗaya, a ƙofar gida da rumfa, aka bar mata gayya da rabon abinci a hannunta. Anko kala ɗaya kowane gida, kowa ya sayi nasa.

Dina, tun da na ambace ta, ga abin da za ku tambayi duk wanda ya nace: wa zai biya? Sau da yawa masu cewa ba fashi ba su da ko sisi a ciki. In wani kawu mai hali ya ce shi zai ɗauka, to a karɓa, amma a ji daga bakinsa ko ya haɗa da abinci da mai hoto da kwalliyar amarya da kayan da za ta sa, domin kuɗin ɗakin taro kaɗai ba shi ne dina ba.

Haɗa lefen da ranar kai shi

Da an daidaita, a yi sayayya da wuri, kada a jira. Mun sayi akwatuna da takalma da jakunkuna a Taminus, atamfa da leshi kuma wata 'yar'uwarmu ta sayo a Kantin Kwari a Kano. Duk da haka farashi ya motsa, sai da 150,000 ta sake fita daga kuɗin gefe, ya rage 100,000.

A tambayi amarya abin da za ta sa, a asirce, ta bakin angon. Ita ta ce a rage kayan kwalliyar da ba ta amfani da su, a ƙara mayafai da rigunan sanyi, tun da bikin Disamba ne kuma kowa ya san hunturun Jos. Turmi kaɗan masu kyau sun fi tarin marasa kyau, don matan da ke buɗe lefe da hannu suke gane kaya, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Cika akwati da tarkace don lamba ta kai ba ya ruɗin kowa. A cikin kayan iyaye muka sa turmi ɗaya mai kyau, Inna ta ce a gaban kowa na Gwaggo ne. Uwar yarinyar kuma ta ba gwaggon aikin karɓar baƙi da ƙirga kaya. Wadda aka ba ta riƙon taro ba ta cika kushe shi ba.

Masu kai lefe kada su wuce mata biyar ko shida, manya, waɗanda ba sa mayar da magana. A ja musu kunne tun a gida: duk abin da aka faɗa a can, a can zai tsaya, kuma tukuici ko nawa ne a karɓa da godiya, ba a ƙirga shi a mota a kira ango. An yi mana ɗan habaici ranar, wata ta ce akwatunan ba su da nauyin ɗauka. Na ji, na haɗiye. Da ƙanena ya tambaye ni da dare, na ce an karɓa, an yi addu'a, wanda kuma gaskiya ne.

Yadda za ku gane abin ya fara shiga tsakaninku

Ku saurari bakinku. In "mu" ta koma "ku", kana cewa "danginku" tana cewa "mutanenku", to kun tashi daga gefe ɗaya kun koma wakilan gidaje biyu. Haka in aka fara "in da gaske kana sona", ko aka fara lissafin abin da aka yi wa juna tun farkon haɗuwa. Mafi hatsari shi ne ɓoyayyen bashi, ango ya karɓo kuɗi a wajen aiki ko a manhajar bashi ta waya don ya rufe bakin mutane, bai gaya mata ba. Za ta sani a wata na biyu, lokacin da albashi ya zo a yanke. In ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, a dakatar da sayayya mako guda, a koma kan littafin.

Akwai kuma inda wannan hanyar ba ta aiki. In buƙatar ta amarya ce ko ta ango, ana fakewa da iyaye, manzo zai je ya tarar iyayen ba su ma san zancen ba. Wannan ba rigimar dangi ba ce, magana ce da su biyu za su yi da gaske tun kafin a ɗaura. In kuma wani gida ya kafe a kan abin da ba za a iya ba sai da bashin da ya fi ƙarfin albashi, lokacin waliyyai ya yi. Su zauna, ko a ɗaga rana sau ɗaya zuwa wata sananne, ko a ɗaura aure a sa ranar tarewa. Na biyun yana da nasa nauyi, don in tarewar ta yi nisa ƙorafi yakan dawo sabo, saboda haka a faɗi ranar a wurin, a gaban shaidu.

Namu bai kai can ba. An ɗaura aure ranar Asabar bayan azahar, aka kai amarya Rikkos kafin isha'i saboda sanyi. Dubu ɗarin da ta saura ta tafi a man motocin kai amarya da sayen baki, don ƙawayenta sun ƙi sauka daga dubu talatin. Kuɗin abincin wata uku kuwa ba a taɓa shi ba, kuma da su Inna suka zo daga Bauci bayan sallah, a ɗaki na biyun suka kwana.